Saka iyaye tsofaffi a inshorar lafiya: wa ya gwada, ya aka ƙare?

Abu Hanan:
Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka taɓa saka iyayensu a inshorar lafiya su ba mu labarin yadda aka kwashe. Ni da iyalina muna ƙarƙashin wani HMO, wato kamfanin inshorar lafiya mai zaman kansa. Na je ƙara Baba da Hajiyarmu, aka ce tsarin da muke kai ba ya karɓar wanda ya haura shekara 60, sai dai in saya musu na dattawa daban. Baba yana da 68, an yanka masa naira 240,000 a shekara. Hajiya tana da 61, nata 165,000. Duk abin da aka kashe a asibiti kuma mu za mu ɗauki kashi 20 cikin 100, sannan sai an yi musu gwaje-gwaje kafin a karɓe su. Baba ya daɗe yana shan maganin hawan jini. In shiga, ko in ci gaba da tara kuɗin a gefe?

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam. Malam, me ya kai ka wannan wahala? Ni a NHIA nake, hukumar inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, gurbin 'ya'ya huɗu gare ni, biyu kawai na cike. Ka saka iyayen a guraben da suka rage, shi ke nan.

Tsohuwar Nas:
Baban Ilham, ba haka abin yake ba. Tsarin ma'aikata na NHIA yana ɗaukar ma'aikaci, da mata ko miji ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Gurbin ɗa ba ya komawa na uba. Wanda ya wuce waɗannan sai a yi masa rajista a matsayin ƙari, a biya masa daban. Kuma Abu Hanan ma ba a can yake ba, a kamfani mai zaman kansa yake, dokokinsu daban ne.

Maman Khalifa:
Ni na shiga, kuma ban ce kar ka shiga ba, amma ka ji abin da kashi 20 ɗin nan ya zama a hannunmu. Abbanmu yana da 71. A shekara ta biyu fitsari ya riƙe masa cikin dare, aka saka masa roba, daga baya likita ya ce sai an yi aikin furostet. Kuɗin aiki da gado da magani ya tashi naira 900,000. Muka zauna da yayyena muka buga lissafi, kashi 20 na 900,000 shi ne 180,000, kowa ya kawo nasa, hankali kwance.

Ranar sallama yarinyar da ke teburin inshora ta juyo mini da takardar, ta ɗora biro a kan wani layi. Ashe akwai iyakar abin da suke biya na tiyata a shekara, naira 500,000. Kuma ba ita suka biya cif ba. Daga cikin 500,000 ɗin suka cire kashi 20 namu, wato 100,000, suka biya 400,000. Sauran 500,000 a kanmu. Abba yana zaune bakin gado ya riga ya saka hularsa, direba yana jira a waje, mu kuwa muna ta buga wa dangi waya.

To ka ga kashi 20 a baki, fiye da rabi a aljihu.

Injiniya Zariya:
Hajiya, Allah ya ƙara wa Abba lafiya. Amma lissafin da suka yi miki ya ba ni mamaki. Lokacin da aka yi wa tsohuwarmu aikin ƙugu, kamfaninmu ya fara cire kasonmu ne daga jimillar kuɗin, sannan ya duba iyaka. Da haka aka yi miki, kashi 80 na 900,000 shi ne 720,000, ya haura iyaka, sai su biya 500,000 cif, ke ki biya 400,000. Kin ga bambancin 100,000 ke nan. Ina ganin cutar ki aka yi.

Tsohuwar Nas:
Ba lallai cuta ba ce, Injiniya. Na yi shekaru a teburin HMO na asibiti, na ga duka biyun, kowanne a rubuce cikin yarjejeniyarsa. Matsalar ita ce ɗan talla ba ya kawo wannan zance, mai saye kuma ba ya tambaya. Abu Hanan, kafin ka biya ko sisi ka ba su misalin nan na Maman Khalifa kamar yadda yake, ka ce su rubuta maka nawa za su biya. A rubuce, ba a waya ba.

Abin da ya fi damuna a naka shi ne hawan jinin Baba. Cutar da mutum ya shigo da ita, kamfanoni da yawa suna ɗora mata zaman jira, wato lokacin da ba za su biya komai a kanta ba, na fi ganin wata 12. Wasu kuma suna karɓar ta tun daga farko amma su ƙara kuɗi. A ce maganin Baba yana cin 15,000 a wata, 180,000 ke nan a shekara. In sun ɗauke shi daga ranar farko, za ka biya 240,000 da kashi 20 na magani, wato 36,000, jimilla 276,000. In akwai zaman jira, shekarar farko za ta ci maka 420,000, domin maganin gaba ɗaya a kanka yake.

Kuma zaman jiran ba a ƙwayar magani kaɗai ya tsaya ba. In shanyewar ɓarin jiki ta zo a cikin watannin nan, Allah ya kiyaye, ko ƙoda ta taɓu, za su iya cewa daga hawan jinin ne, su zame. Ka tambaye su wannan ma.

Ɗan Kwari:
Ai wannan mai sauƙi ne. Kar ka ce musu yana da komai. Ya sha maganinsa da asuba ranar gwajin, awo ya fito daidai. Ni surukina mai ciwon suga ne, kwana uku kafin gwaji muka hana shi tuwo da shayi, suga ya sauka, ya wuce lafiya lau.

Tsohuwar Nas:
Alhaji, rabin maganarka gaskiya ne: awon suga na safe kafin a karya ana iya saukar da shi da 'yan kwanaki. Amma masu tsaurara bincike suna neman HbA1c, shi kuwa matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku yake nunawa, in ya kai 6.5 cikin 100 magana ta ƙare. Hawan jinin da ya daɗe shi ma yakan bar alama a awon zuciya da gwajin ƙoda da na fitsari.

Ko an tsallake gwajin, ranar da aka kwantar da surukinka likita zai tambaye shi tun yaushe yake da suga, shi kuma dattijo zai ce shekara goma. Likita zai rubuta a fayil. Fayil ɗin nan shi kamfani ke karantawa kafin ya ba da lambar izinin biya. Na ga an soke wa mutane tsari a kan haka, mara lafiya yana kwance, kuɗin da suka zuba kuma bai dawo ba. Ban da haɗarin hana mai suga abinci yana shan magani, suga na iya faɗuwa ya sume.

Ɗan Kwari:
To mu dai shekara biyu ke nan ba wanda ya ce mana komai.

Ummu Sultan:
Nawa daban ne, a kan shekarun ne muka sha fama. Innarmu ba ta da takardar haihuwa, kamar yawancin sa'o'inta. Lokacin rajistar NIN yaron da ya raka ta ya faɗi shekarar da ta zo bakinsa, aka rubuta 1 ga Janairu 1954. Ita kuwa ta ce tana goye a baya aka samu 'yancin kai, ka ga ba za ta wuce haihuwar 1959 ba. Kamfanin da muka je rukuni-rukuni suke yanka kuɗi: 60 zuwa 64, 65 zuwa 69, sai 70 zuwa sama. Takarda ta jefa ta rukunin ƙarshe, wanda ya kusa ninka na ƙasa da shi. Mun kai takardar rantsuwar kotu, suka ce su abin da ke NIN suka sani. Har yanzu muna kan neman gyara.

Abu Hanan, ka lura Baba saura shekara biyu ya shiga 70. Ka ce su nuna maka kuɗin rukunin gaba tun yanzu, ka kuma ji ko akwai shekarun da in ya kai za su daina sabunta masa.

Zongo Kumasi:
Ku kam kuna shan wahala. Mu nan Gana wanda ya kai shekara 70 an yafe masa kuɗin shekara a NHIS, inshorar lafiya ta gwamnati, ɗan kuɗin kati kawai na biya wa tsohuwata, ba gwaji ba komai. Sai dai ban ɓoye muku ba, sau da yawa a rubuta magani a ce babu, mu fita waje mu saya.

Malam Na Ofis:
Irin wannan na zaɓa a nan gida. Na saka mahaifiyata a GIFSHIP, tsarin NHIA na masu biyan kuɗin shiga da kansu, kuɗin da aka karɓa nata bai bambanta da na matashi ba, ba a kuma yi mata gwaji ba. A magani muna biyan kashi 10 cikin 100. Da aka tura ta hoton CT, rabin kuɗin muka biya. Inda ake jin jiki shi ne layi, da jiran lambar izini kafin a ga babban likita, da wannan "babu" da ɗan'uwanmu na Kumasi ya faɗa. Ga mai hawan jini da ke zuwa wata-wata, ni dai ya biya ni.

Injiniya Zariya:
Ya biya ka domin Hajiya tana gari ɗaya da kai. Tsohuwarmu a ƙauye take, asibitin da ke cikin jerin inshorar yana nesa, kuɗin mota ya kusa cinye abin da aka rage mana a magani. Tun bayan aikin ƙugun ba ta sake yarda an kai ta ba, ta koma kemis ɗin da ta saba.

Abu Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na koma wurinsu yau da misalin Maman Khalifa. Sun ce irin lissafinta suke yi, kuma iyakar tiyata 600,000 ce. Hawan jini zaman jiran wata 12 ne. Da na tambayi shanyewar ɓarin jiki, yaron ya ce sai ya ji daga sama, ya ƙi rubutawa. Yanzu tunanina in saka Hajiya a wurinsu tunda ba ta da wata cuta, Baba kuma in kai shi GIFSHIP. Anti Nas, in Baba ya shekara a can, daga baya na dawo da shi kamfanin, za su ƙirga masa wannan shekarar a matsayin zaman jira?

Tsohuwar Nas:
Waɗanda na yi aiki da su ba sa ƙirgawa, daga farko suke farawa, da sabon gwaji, a kuɗin shekarunsa na ranar. Amma ka tambayi naka, su ma su rubuta.