Muryata na yankewa duk sanda na canza silaid

Maman Hanif: Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah a taimaka mani. An ce in maida silaid 14 na horar da malaman firamare nan Katsina zuwa bidiyo mai murya, kar ya wuce minti 10. Na ɗauka sau uku cikin PowerPoint, duk inda na canza silaid sai farkon maganata ya ɓace, kuma kullum sai na kai minti 16. Ya ake tsara rubutun da za a karanta ɗin?

Ɗan Kofar Soro: Wa alaikumussalam Hajiya. Wannan ai makirfo ne, sayi ƙaramin nan da ake maƙalawa a wuyan riga. Ni ma haka na sha fama da ƙarar janareton maƙwabta har na koma ɗauka bayan asuba.

Baban Khairat: A'a ƙanena, makirfonta lafiya lau. Hajiya, PowerPoint kowane silaid daban yake aje mashi muryarshi, kuma ba ya ɗaukar sauti a daidai lokacin da yake tsallakawa daga wani zuwa wani. To ke kina cikin magana kike dannawa, abin da kika faɗa a tsakanin nan shi ke faɗawa rami. Maganin a rubutun yake, ki rubuta wurin dannawar a layinshi daban kamar haka:

SILAID 3, Rajistar aji
Yara arba'in ne a rajista, amma ranar kasuwa ashirin da takwas kaɗai suka zo.
SHIRU, DANNA, SHIRU
SILAID 4, Dalilan fashi
To mi ke hana su zuwa?

Shirun nan ki ƙirga ɗaya a zuci kafin ki danna, ki ƙirga ɗaya bayan sabon ya bayyana. Kar ki bar jimla ta raba ƙafa tsakanin silaid biyu, ki ƙarasa ta tukunna. Kuma ki riƙa sa take kusa da lambar, don ranar da oga ya ce a ƙara silaid guda a tsakiya duk lambobin sun goce, ni na taɓa karanta bayanin 9 a kan hoton 10 ban lura ba sai da aka tura wa mutane.

Batun minti 16 kuma, kai tsaye kike zuba shi ya sa. Ɗauko agogon waya ki karanta rubutunki minti ɗaya da irin muryar da za ki yi a bidiyon, ki ƙirga kalmomin. A ce 130 kika samu. Shirun canji ya ci kusan rabin minti, saura minti tara da rabi, kenan kalma wajen 1,200 gare ki gaba ɗaya. Kar ki raba su daidai wa daida, silaid na take kalma 20 ya ishe shi, mai jadawali ki ba shi 150 ko fiye.

Anti Malama: Ni dai ban yarda da rubuta komai ba gaskiya, mutum na karantawa za ka ji kamar labaran ƙarfe bakwai. Ki rubuta kanun magana uku-uku a Notes ki yi bayani da bakinki. Ko ma ki ɗauki muryar a waya gaba ɗaya ki haɗa a CapCut, babu abin da zai yanke.

Baban Khairat: Anti na wayar yana yi, amma in aka gyara adadi ɗaya a silaid 7 sai an koma yanka da jera hotuna. A PowerPoint kuwa ki tsaya kan 7 ɗin kawai, Record from Current Slide, ki sake shi ki tsaida, sauran 13 na nan. Maganar karatu kina da gaskiya rabi. In aka rubuta yadda ake magana, gajerun jimloli, ba a kwafe abin da ke kan allon ba, ba ya fita kamar karatu. Kanu uku-uku su ne za su sake kai ta minti 16.

Anti Malama: Uhm, ni da kanun nake yi kuma ban taɓa wuce lokaci ba.

Maman Hanif: Allah ya saka da alheri. Amma silaid 6 layukanshi huɗu ne, ɗaya bayan ɗaya suke fitowa in na danna, nan ma sai na yi shiru?

Baban Khairat: A'a, wannan cikin silaid ɗaya ne, murya ba ta yankewa. Sai dai ki ba shi wata alama daban, kamar tauraro gaban kalmar da za ki danna a kanta, ki tabbata taurari huɗu ne cif, na biyar zai wuce da ke silaid 7 kina tsakiyar magana. Wajen fitarwa kuma File, Export, Create a Video, ki duba an zaɓi Use Recorded Timings and Narrations, in ba haka ba bidiyon zai fito babu murya kowane silaid daƙiƙa 5.

Ɗan Kofar Soro: Duk da haka dai a sayi makirfon Hajiya.