Neman kalmar Hausa: ɗigo, lamba da jadawali a takardar gudawar yara

Maifassara: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan miƙa takardar bayani ga iyaye mata kan gudawar yara, tare da gajeren jagora ga mai buga ta. Asalin rubutun a dunƙule yake: haɗa ruwan gishiri da sukari na ORS, yawan da za a ba yaro, ƙwayar zinki da alamomin zuwa asibiti, duk a cakuɗe. Ina neman sunan Hausa na abubuwa uku da ke cikin Word: `Bullets`, `Numbering` da `Table`. Na farkon ne ya fi tsayar da ni, don ba zan rubuta "harsashi" a takardar yara ba.

Tsohon Edita: Wa alaikumus salam. Jerin ɗigo, jerin lamba, jadawali. Amma Malam, ka fara raba kayan, domin kowane yanki na takardar nan da irin shimfiɗar da yake so. Tambaya ɗaya za ka yi wa kowane jeri: in na sauya wa layukan wuri, wani abu zai lalace? In zai lalace, lamba. Haɗa ORS haka yake: a wanke hannu, a auna lita 1 ta ruwa mai tsafta, a juye ƙunshin gaba ɗaya, a motsa har ya narke, sannan a fara ba yaro. Kowace lamba aiki ɗaya, kuma ta fara da aikatau. In ka rubuta "2. 1 lita", ido zai haɗa su ya karanta 2.1. Rubuta "2. Ki auna lita 1".

Malamar Jinya: Na yarda da Baba Edita, amma "ɗigo" ya dame ni a takardar magani. Uwa ta saba da ɗigon maganin ido da ɗigon foliyo. In ta ga "duba ɗigo na uku", tana iya ɗauka awon magani ne.

Tsohon Edita: Hajiya, kalmar ba za ta shiga takardar uwa ba, ta mai bugawa ce. Kuma duk ranar da ka ji kana son cewa "ɗigo na uku", to jerin nan lamba yake buƙata tun farko.

Malam Mai Nahawu: Ɗigo ba matsala. Jadawali ne ban yarda da shi ba. Larabci ne, kuma Bahaushe in ya ji jadawali, na darussa ko na jarrabawa yake tunawa. Muna da namu: gidan-dara. Layi a tsaye, layi a kwance, kowane gurbi da abin da ke ciki. Me ya fi wannan bayyana abin?

Uwar Biyu: Ni dai lamba nake so a ko'ina, ta fi tsari. Alamomin haɗari ma a sa musu 1 zuwa 5, uwa ta haddace.

Malamar Jinya: Yaya, nan ne fa lamba take cutarwa. Alamomin su ne yaro ya kasa sha ko kama nono, ya riƙa amayar da komai, jini a bayan gida, zazzaɓi, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Ba bi da bi suke zuwa ba. In an sa lamba, wata za ta fahimci cewa ta 5 ce ƙarshen tsanani, ta zauna jira, wata kuma ta ɗauka sai sun cika biyar. Ɗigo za a sa, kuma jimlar da ke samansu ce ke ɗauke da nauyin: "Ki kai shi asibiti nan take in kin ga ko da ɗaya daga cikin waɗannan." In babu "ko da ɗaya", ɗigon ma bai tsinana komai ba.

Gargaɗi kuma kada a jefa shi ƙarshen matakai. A duba jikin ƙunshin kafin a auna ruwa, domin ba kowane ƙunshi ne na lita 1 ba, kuma in ruwan ya gaza gishirin zai yi wa yaro yawa. Wannan sama da mataki na 2 zai zauna. Na zubar da ragowar bayan awa 24 shi ne zai zo a ƙarshe, tunda a nan lokacinsa yake.

Ɗan Damagaram: A wajenmu tablo muke cewa, kowa ya gane. Kullum sai a yanke kalma a Kano a ce ta zama ta duk Hausawa.

Malam Mai Nahawu: Tablo Faransanci, tebur Ingilishi, jadawali Larabci. Yaushe za mu daina bara?

Tsohon Edita: Allah ya gafarta Malam, littafi da alƙalami da darasi duk daga Larabci suke, ba wanda ya kira su bara. Tebur kam na ƙi shi, don na cin abinci yake kawowa a rai. Gidan-dara kuma sai ka yi wa mai bugawa bayani, shi kuwa Malam zuwa Alhamis yake da ita.

Ɗan Damagaram: Ba a amsa maganata ba.

Maifassara: Ɗan'uwa, maganarka tana kan hanya, sai dai wannan bugun na Nijeriya ne. Ku taimaka min da awon, ko me za mu kira shi. Na yi layi biyu: ƙasa da shekara 2, da shekara 2 zuwa 10, na sa ORS da zinki a gefe.

Malamar Jinya: Tsaya, Malam, akwai gyara babba. Iyakar shekarun ba ɗaya ba ce. ORS a shekara 2 yake rabuwa: ƙasa da haka mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, daga 2 zuwa 10 kuma 100 zuwa 200. Zinki kuwa a wata 6 yake rabuwa: ƙasa da wata 6 miligiram 10 a rana, wato rabin ƙwaya mai 20, daga wata 6 zuwa sama miligiram 20, kwana 10 zuwa 14. A layinka na "ƙasa da shekara 2", jaririn wata 3 da yaron wata 18 sun faɗa gurbi ɗaya, dole ɗayansu ya samu awon da ba nasa ba. Ka mai da shi layi uku: ƙasa da wata 6, wata 6 zuwa ƙasa da shekara 2, sai shekara 2 zuwa 10. Ka lura da "ƙasa da" ɗin nan, don kada ɗan shekara 2 cif ya fito a layi biyu. Kuma ka maimaita adadin a kowane gurbi ko da iri ɗaya ne da na sama. Gurbin da aka bari fayau, ana karanta shi "kada a ba shi".

Tsohon Edita: Wannan shi ne dalilin jadawali: mai karatu yana shigowa da abu ɗaya, shekarun ɗansa, ya bi layi ya ɗauki amsa, ba ruwansa da sauran. In abin da ke gefe ɗaya ne tak, jimla biyu sun isa.

Uwar Biyu: To in an tura ta WhatsApp fa? Layukan wargajewa suke yi.

Tsohon Edita: Gaskiyarki. A can ko a tura shi a hoto, ko a warware shi: shekarun a matsayin kai, awon biyu a ƙarƙashi. Hoton ma yana da illa, rubutun kan ƙanƙance a ƙaramar waya.

Malam Mai Nahawu: Kun ga duk kuna ta cewa "gurbi". Daga dara kuka ɗauko shi.

Maifassara: Gurbi na karɓa, Malam, da godiya. Zan rubuta jerin ɗigo, da jadawali, jerin lamba kuma "matakai masu lamba" tunda aiki ake bi. Saura na tsaye da na kwance. Na ga wasu na cewa ginshiƙi.

Tsohon Edita: Layin tsaye da layin kwance sun wadatar.

Malam Mai Nahawu: Ginshiƙi na gini ne, a nan na bi Edita. Jadawalin dai ku rubuta, amma ni a ajina gidan-dara zan ci gaba da koyarwa.

Ɗan Damagaram: In za a buga na Nijar, a tambaye mu tukuna.