Lissafi ɗaya, amsa biyu: wa ya taɓa shan wannan?

Hadiza: Salamu alaikum. Wata uku da suka wuce na haɗa farashin tiyar hatsi na kasuwannin Maradi, Tibiri da Tasawa a littafin Jupyter, na fitar da matsakaici na kai wa malamina. Jiya ya ce in ƙara wata biyu. Kafin in ƙara komai na sake gudanar da littafin, sai ga adadi daban da wanda na kai. Ban taɓa ko layi ɗaya ba. Wallahi barci bai ɗauke ni ba.

Isufu: Sigar pandas ce, ba ko tantama. Ni haka ta faru da ni, na sabunta zuwa 2.0 sai `df.append` ya ɓace, komai ya tsaya cak. Tun ranar kowane aiki nake ba shi nasa `venv`, in yi `pip freeze > requirements.txt` in ajiye tare da littafin.

Malam Sani: Isufu, maganarka tana kan hanya, amma naka tsayawa ya yi da jan rubutu, nata kuwa ya gudana lafiya ya ba da wani adadi. Hadiza, kina da kwafin da kika kai? Duba lambobin da ke gefen akwatunan, a jere suke?

Hadiza: Ina da shi, Malam. 1, 2, 3, sai 9, sai 5.

Malam Sani: To wannan na 9 an sake gudanar da shi bayan na ƙasa da shi. Me ke ciki?

Hadiza: Masu tattara mana farashi a Tibiri da dala suke rubutawa, kamar yadda ake ciniki a kasuwa, shi ne nake mayarwa sefa:

```python
df.loc[df.kasuwa == "Tibiri", "farashi"] *= 5
```

Na Tibiri kaɗai, don sauran da sefa suka zo.

Malam Sani: Ga ɓarawon nan. Layin nan a kan ginshiƙin da ya karanta yake sake rubutawa. In kin danna sau ɗaya, dala 120 ta zama sefa 600. In kin danna sau biyu ta zama 3000, kuma littafin ba zai ce miki uffan ba, domin abin yana cikin ƙwaƙwalwar injin ne, ba a shafin ba. Ina jin adadin jiya shi ne daidai, na wancan lokacin ne ya kumbura. Ki bar `farashi` yadda ya zo, ki buɗe sabon ginshiƙi na sefa da za a lissafa daga gare shi, ko sau goma aka danna amsa ɗaya ce. Ni tun da irin wannan ta kunyata ni gaban mutane, ba na fitar da adadi sai na yi `Restart Kernel and Run All Cells`.

Balki: Ni dai shawarata ki riƙa ajiyewa wuri biyu. Bara wuta ta ɗauke, kwamfutata ta mutu da aikin wata shida a ciki.

Hadiza: Allah ya kiyaye gaba, Yaya Balki, amma nawa bai ɓata ba. Malam, na danna sau biyu da gangan, adadin ya matso kusa da na da sosai, sai dai da ɗan saura.

Malam Sani: Sauran a fayil ɗin bayanai yake, ina zato. Wani ya buɗe shi ya gyara da hannu?

Hadiza: Abokin aikina ya goge layukan da ya ce an maimaita. Bai tuna guda nawa ba.

Malam Sani: Shi ya sa nake raba `data/raw` da `data/clean`. Na farko ba mai taɓa shi, duk gyara da lamba ake yi ya faɗa na biyu. Mu da muke aiki da hotunan gonaki masu nauyi DVC muke sa wa, wato manhajar da ke bin sawun sauye-sauyen manyan fayilolin bayanai, tun da GitHub ba ya karɓar fayil da ya wuce mega 100:

```
dvc add data/raw/farashi.csv
git add data/raw/farashi.csv.dvc
```

Ƙaramin fayil ɗin `.dvc` yana riƙe da hatimin md5 na bayanan. Ko waƙafi ɗaya aka canza, `dvc status` zai faɗa miki. Ma'ajiyar da DVC ke adana kwafin bayanan ma ba sai ta intanet ba, tamu faifan waje ne a durowar ofis.

Isufu: Malam, a nan kam ban bi ka ba. Nata fayil bai fi layi dubu biyu ba, Git kaɗai ya ɗauke shi, har `git diff` ya nuna mata ainihin layukan da aka goge. DVC cewa kawai zai yi an canza.

Malam Sani: Ga nata yau, gaskiyarka. Ni dai na ga ƙananan ayyuka da suka girma aka rasa yadda za a fitar da manyan fayiloli daga tarihin Git.

Hadiza: Zan fara da Git ɗin. Asalin fayil ɗin ina jin yana cikin saƙon da aka turo min ta WhatsApp, bari in nemo. Gobe da safe kuma sai in je in gaya wa malamina adadin da na ba shi ba daidai ba ne.