Launin jadawalin kaya ya ƙi sauyawa a wasu layuka

Jama'a, ina shirya jadawalin kayan da muke lodawa daga Agege zuwa Kano a Google Sheets, inda sunan kaya yake a ginshiƙin A, matsayinsa kuma a C2:C80. Ta Data validation na yi jerin zaɓi uku: An tattara, Babu, Ana jira. A Conditional formatting kuma na zaɓi A2:C80, na sa ƙa'idar da za ta mayar da layi kore gaba ɗaya:

```
=$C2="An tattara"
```

Haka na yi wa ja da rawaya, kuma duk layin da aka zaɓi matsayinsa daga jerin yana sauya launi daidai. Matsalar tana ga layukan da yaron shagonmu ya kwafo daga tsohon jadawali ya manna, domin sun tsaya fari alhali rubutun iri ɗaya ne a ido, kuma ƙaramin kibiyan zaɓin ya ɓace daga cikinsu. Da na gwada =LEN(C41) sai ya ba ni 11 maimakon 10, amma =TRIM(C41) bai rage komai ba.

Wane harafi ne yake ɓoye a ciki? Kuma mannawar ce ta gutsuttsura iyakar ƙa'idar, ko sai na sake ginata? Ina neman gyaran da ba zai sa in sake rubuta layukan da hannu ba. Na gode.