Haɗari biyu sun fito da maki ɗaya a teburin rajista, wanne zan sa a gaba?

Jama'a barkanmu da war haka. Ina haɗa teburin rajistar haɗari na ƙaramin aikin girka wutar sola a wata makaranta. Ginshiƙaina su ne yiwuwar aukuwa a C, girman illa a D, maki a E, da matakin rage haɗari. Yiwuwa da illa kowanne daga 1 zuwa 5 yake, maki kuwa ninkinsu ne:

```
=C2*D2
```

Ga inda na cije. Jinkirin isowar batura na ba shi yiwuwa 5, illa 2, maki ya tashi 10. Faɗowar ma'aikaci daga kan rufi kuma yiwuwa 2, illa 5, shi ma 10. Na tsara launi daga kan maki 15 zuwa sama ya koma ja, sai ga dukansu biyun a ruwan ɗorawa kamar nauyinsu ɗaya. Alhali jinkirin mako guda ina ya kama ƙafar ran mutum?

Na yi tunanin duk abin da illarsa ta kai 5 ya zama ja kai tsaye, ko nawa makinsa:

```
=OR(E2>=15,D2=5)
```

Launin zai gyaru, amma in na jera teburin bisa maki, faɗowar tana nan a tsakiya, inda mai duba rahoto ba lallai idonsa ya kai ba.

Sannan matakin da na rubuta, wato ɗaura igiyar tsaro, bai taɓa makin ba. Shin ginshiƙai zan ƙara na yiwuwa da illa bayan an ɗauki mataki, ko goge lambobin farko ake yi a sa sababbi? Ina gudun in goge, a manta dalilin sayen igiyar. Masu aiki da irin wannan tebur, yaya kuke yi?