Ƙyasbin matsematsi ya ƙi barina, me zan yi?

Assalamu alaikum, likitoci da 'yan'uwa. Ni ɗan kabu-kabu ne a Sakkwato. Ƙaiƙayin tsakanin yatsun ƙafa ne ya fara kama ni, fatar ta yi fari tana saɓulewa. Daga baya wani zagayayyen ƙyasbi mai jan baki ya fito mini a matsematsi. Idan rana ta take, gumi ya jiƙa wando bisa kujerar babur, sai ya riƙa zafi kamar an barbaɗa barkono.

Na shafa man kulotirimazol safe da dare, cikin 'yan kwanaki ƙaiƙayin ya kwanta, man ya ƙare. Ba da jimawa ba ya dawo, har ya fi da faɗi. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ƙwayar cutar fangas ce, tana zaune cikin saman fata ko bayan ƙaiƙayi ya tafi, shi ya sa ake shafawa mako 2 zuwa 4, na ƙafa kuwa yakan kai mako 4. Ta ce wataƙila daga ƙafar na kai ta can da tawul ko wajen sa gajeren wando. Ta kuma hana ni man nan mai haɗi da sitiroyid da ake sayarwa a kemis, wai ɓoye cutar yake tana yaɗuwa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne danshi. Alwala sau biyar, ƙafa ba ta gama bushewa na sa takalmi. Goge tsakanin yatsu da ƙyalle na daban ya isa? Kuma in sake man daga farko, ko lokacin shan ƙwaya ya yi?