Daga ina jinin yake shiga, ta ina yake fita?

Autar zaure: Salamu alaikum yayyena. Shekarata ta farko ke nan a karatun likita a Garwa, hanyar jini cikin zuciya ta ƙi zauna min. Me zan yi?

Ɗan Marwa: Haddace zanen kawai. Dama baƙin jini, hagu ja. Duk arter jan jini take ɗauka, duk ben baƙi.

Yaya mai aji biyar: Rabin farko daidai, na biyun shi ke kayar da mutane. Arter ita ce jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, ko wane launi ne. Arter ta huhu jinin da oksijin ɗinsa ya ragu take ɗauka. Ben ita ce jijiyar da ke mayar da jini zuciya, huɗun da ke dawowa daga huhu kuwa ja jawur suke kawowa.

Auta, ɗauki zuciya gida biyu ne da katanga a tsakani, kowanne da zaure da ɗaki. Zauren shi ne oreyet, ɗakin bantirikul. Jinin jiki yana sauka zauren dama ta manyan ben biyu da ake kira ben kab, ya wuce ƙofar tirikusfid mai marfi uku zuwa ɗakin dama, ya fita ta bawul ɗin huhu. Idan ya sha iska a huhu sai ya dawo zauren hagu, ya bi mitiral mai marfi biyu zuwa ɗakin hagu, daga nan bawul ɗin awort, wato babbar arter, sai jiki.

Amma shawarata, bar takarda tukuna. Je wurin mahauci ki sayi zuciyar rago, ki roƙe shi kar ya yanke saman. Ni a karon farko ban faɗa ba, ya share zaurukan da jijiyoyin kaf, na koma gida da naman miya. Tsaga ɗakunan ki taɓa: bangon hagu ya kai kusan ninki uku na dama, don shi ke tura jini har yatsan ƙafa, na dama iyakarsa huhu. Za ki ga fararen zaruruwa riƙe da marfin kamar igiyar rumfa. Su ke hana shi kifewa cikin zaure idan ɗakin ya matse.

Baba direba: 'Ya'yana, tunda ana maganar, an ce zuciyar ɗiyata tana yoyo. Jinin zuba yake a ciki?

Anti nas: A'a Baba. Galibi bawul ne bai rufe sosai. In mitiral ce, wani jinin yana komawa baya, ya taru wajen huhu, shi ya sa haki. A ci gaba da kai ta wurin likitanta. Auta, ki ari abin saurare ki ji bugun zuciyarki: sautin farko rufewar mitiral da tirikusfid ne, na biyu na awort da na huhu.

Ɗan Marwa: Na karɓi gyara, amma ranar jarrabawa zane za a ba ta ba rago ba. Kuma daman zuciya yana hagun takarda.

Autar zaure: Ashe shi ya sa nake juya su! Yaya, ta saniya za ta yi? Ita ce a firjinmu.